Gwaggo ta yi shiru, mu muka samu barci

Da farin ciki matar Yayana ta kira ni ran nan bayan sallar isha'i. Ta ce, "Albishirinki, Hajiya ta samu sauƙi. Yau kwana tara ke nan ba ta yi ihu ba, ba ta ciji kowa ba, ba ta nemi fita ba. Har Yayanki ya koma barci a ɗakinsa." Na yi hamdala. Sai dai aikina harhaɗa magunguna ne, kuma mai wannan aiki in ya ji an ce gigin tsufa ya yi sauƙi cikin kwana tara, kunnensa yakan tashi. Na tambaye ta me aka ba ta. Ta ce wasu 'yan ƙwayoyi ne wani mai kemis ya bayar, ɗaya da safe ɗaya da dare. Na ce ta karanto mini abin da ke jikin takardar. Haloferidol ne, miligiram 5.

Gwaggo ta haura tamanin. Shekara uku ke nan tana fama da abin da muke kira gigin tsufa, wato ciwon nan da ke cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, ya fara da mantuwa, ya kai ga mutum bai san 'ya'yan cikinsa ba. Da zarar la'asar ta yi sakaliya sai ta ƙulle zannuwanta biyu a ɗankwali, ta ce za ta tafi gida, innarta na jiran ta. Innar ta fi shekara arba'in a ƙasa. Sau biyu ta zare sakata cikin dare, na biyun wani maƙwabci ne ya tsince ta a bakin masallaci da asuba ba takalmi. Ta sha cewa surukarta ta sace mata kuɗin da ta ɗaure a haɓar zani. Duk wannan gidan ya saba da shi. Abin da ya karya su shi ne sabon halin da ya zo cikin wata guda: da an kama ta za a kai ta bayan gida ko wanka, sai ta kurma ihu, ta kai duka, har ta ciji matar Yaya a hannu ya yi jini.

Ba zan zargi matar Yaya ba, kuma duk wanda ya zarge ta bai taɓa kwana da mai wannan ciwo ba. Mace mai 'ya'ya biyar, tana koyarwa da safe, ta dawo ta ɗora tukunya, ta wanke kayan fitsari, ta kwana ido biyu tana sauraron motsin ƙofa, sannan a wayi gari tsohuwar da take wa hidima ta kira ta ɓarauniya gaban baƙi. A irin wannan hali in wani ya miƙo ƙwaya ya ce za ta kwantar da ita, hannu biyu za a sa a karɓa. Dalilin da ya sa ake amfani da waɗannan magunguna ke nan, a gidajenmu da kuma gidajen kula da tsofaffi na Turai da Amurka, inda ma'aikaciya ɗaya kan tsare tsofaffi masu yawa cikin dare. Gajiya ce da ƙarancin hannu.

Ra'ayina dai shi ne, sau da yawa in aka ba mai gigin tsufa wannan magani, ba shi aka yi wa magani ba, mutanen gidan aka yi wa. Shi ya haɗiyi ƙwayar, mu muka samu barci. Kuma kuɗin wannan barcin shi yake biya, da jikinsa, wani lokaci da ransa, ba tare da an gaya wa kowa farashin ba.

Haloferidol da 'yan uwansa, irin su kulofuromazin da aka fi sani da lagaktil, da sababbin da suka biyo baya, risferidon da olanzafin da kwetiyafin, an yi su ne domin taɓin hankali mai tsanani, wanda mutum ke jin muryoyi ko ya gaskata abin da babu. Aikinsu toshe hanyar wani sinadari ne a ƙwaƙwalwa mai suna dofamin. A jikin saurayi ɗan shekara ashirin da biyar mai taɓin hankali, wannan toshewa tana iya dawo masa da rayuwarsa, kuma ba ni da ja a kan hakan. Amma dofamin ba tunani kaɗai yake riƙe da shi ba, shi ne kuma ke sa motsin jiki ya tafi sumul. Ka toshe shi a jikin tsohuwa mai shekara tamanin, wadda ƙwaƙwalwarta ta riga ta zaizaye, hantarta da ƙodarta ba sa fitar da magani da sauri, to abin da za ka gani shi ne abin da na tarar da na isa gidan Yaya ranar Asabar.

Tana zaune a kan tabarma an jingine ta da bango. Fuskar nan da na sani da fara'a ta zama kamar ta gunki, ido ba ya ƙiftawa sosai. Miyau na zuba ta gefen baki ya jiƙe wuyan rigarta. Na ɗaga hannunta na lanƙwasa gwiwar, sai na ji yana tafiya yana cijewa, kamar ana juya tsohon injin markaɗe. Ƙafafunta kuwa ba su tsaya ba, tana ta goga su a tabarma. Na ce, "Gwaggo, ni ce, ina wuni?" Ta daɗe kafin ta juyo. Matar Yaya ta kawo kunu ta ɗiba a ludayi ta ba ta. Kurɓa ta biyu ta ƙware, ta yi wani tari marar ƙarfi, muryarta ta koma kamar akwai ruwa a maƙogwaro. Matar Yaya ta ce, "Haka take yi kwanan nan, ko mura ce." Sannan ta nuna mini ƙwaya ta biyu da mai kemis ya ƙara da aka koma aka gaya masa jikin ya sandare: benzekzol, wanda yaran unguwa suka sani da ekzol.

Ga lissafin. In har likita ya ga dole sai an ba tsoho haloferidol, da rabin miligiram ake farawa a yini. Gwaggo tana shan 10, ninki ashirin ke nan. Goga ƙafar nan da take yi ma daga maganin ne, wani rashin sukuni ne da yake sa wa a jiki, mutum ya ji ba zai iya zama wuri ɗaya ba. Tarkon yana nan: mai kallo zai ce rigimar ce ta dawo, a ƙara ƙwaya, ƙwayar ta ƙara rashin sukunin. Shi kuma ekzol, ko da ya sassauta sandarewar, yana ƙara wa tsoho ruɗewa, yana busar da baki, yana ɗaure bayan gida da fitsari. An shiga ba da magani don a kashe ɓarnar magani.

Wani zai ce, to ai laifin mai kemis ne da ya zarce awo, da likita ne ya rubuta daidai da ba a samu matsala ba. Da ma haka ne da an huta. Alƙaluman da suka tayar da hankalin duniya a kan wannan batu ba daga kemis ɗin lungu suka fito ba. Daga gwaje-gwajen da kamfanonin maganin suka yi da kansu ne, da awo daidai, ƙarƙashin idon likitoci.

Shanyewar ɓarin jiki aka fara lura da ita. A 2002 aka fitar da gargaɗi a Kanada a kan risferidon, a 2004 kuma hukumar kula da lafiyar magunguna ta Birtaniya ta ce risferidon da olanzafin suna ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau uku ga masu gigin tsufa. A gwaje-gwajen risferidon, wajen mutum 3 cikin 100 na waɗanda suka sha maganin sun samu matsalar jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, daga mai wucewa zuwa mai kayarwa, alhali cikin waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta mutum 1 ne da 'yan kai. Kuma wannan cikin 'yan makonni ne, ba shekaru ba.

Sai maganar mutuwa. A watan Afrilun 2005 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta haɗa gwaje-gwaje 17 ta duba. Yawancinsu na mako goma ne. Cikin masu shan maganin kashi 4.5 cikin ɗari suka mutu, cikin masu shan ƙwayar wofi kashi 2.6. Akasarin mace-macen daga zuciya ne, ko ta gaza ko ta tsaya farat ɗaya, sai kuma ciwon huhu. Hukumar ta sa aka buga gargaɗi mafi tsanani da take da shi a jikin takardar maganin, wanda ake zagaye shi da baƙin layi. Da farko sababbin magungunan kawai ya shafa, har wasu suka koma wa tsofaffin suna ganin sun tsira. A 2008 aka faɗaɗa gargaɗin ya haɗa da su haloferidol, domin bincike ya nuna ba su fi aminci ba, haloferidol ma yana cikin waɗanda suka fi muni.

A tsaya a kan wannan lissafi, don yana da saurin wucewa ta kunne. Ɗauki tsofaffi ɗari masu gigin tsufa. Ko ba a ba su komai ba, biyu ko uku za su rasu cikin mako goma, don tsofaffi ne marasa lafiya. In aka ba su maganin, huɗu ko biyar ne za su rasu. Bambancin kusan mutum biyu ne. Ga gida ɗaya, wannan na nufin mai yiwuwa tsohuwarku ta sha ta tsallake, kuma yawancinsu suna tsallakewa. Shi ya sa mai kemis zai iya rantsuwa cewa ya ba mutane da yawa bai ga abin da ya faru ba, kuma ba ƙarya yake ba. Ba zai gani ba. In tsohuwa mai shekara tamanin ta kwanta da tari da zazzaɓi ta rasu bayan kwana biyar, ko aka wayi gari bakinta ya karkace, wa zai waiwayi 'yar ƙwayar da aka fara ba ta wata guda da ya wuce? Cewa za mu yi tsufa ne, kwana ya ƙare. Ajali na Allah ne, babu mai musu. Amma sababi muna da hannu a ciki, kuma wannan sababi ne mai iya ɓuya, don kisansa ya yi kama da mutuwar tsufa sak.

Sai an tara mutane da yawa yake bayyana. A 2009 aka fitar da rahoton Farfesa Sube Banerjee, wanda gwamnatin Birtaniya ta sa ya duba lamarin. Ya ƙiyasta cewa masu gigin tsufa 180,000 ake ba waɗannan magunguna a shekara, cikinsu waɗanda suke amfana ba su wuce 36,000 ba, wato ɗaya cikin biyar. A ɗaya gefen kuma akwai ƙarin mace-mace 1,800 da ƙarin matsalar shanyewar jiki 1,620 a kowace shekara, kusan rabinsu masu tsanani. Huɗu cikin biyar suna ɗaukar haɗarin ne a banza.

Kuma daɗewa a kan maganin yana ƙara nauyin. A wani gwaji da Farfesa Clive Ballard ya jagoranta a gidajen tsofaffi na Birtaniya, wanda aka buga a 2009, an ɗauki mutum 165 da suka riga suna shan maganin, aka raba su biyu: wasu suka ci gaba, wasu aka maye musu da ƙwayar wofi. Bayan shekara biyu, kashi 71 cikin ɗari na waɗanda aka cire wa maganin suna raye, na waɗanda suka ci gaba kuwa kashi 46. Gwajin ƙarami ne, amma ratar ba ƙarama ba ce. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, yawancin waɗanda aka cire wa maganin halinsu bai taɓarɓare ba. An yi ta ba su ne kawai don babu wanda ya tuna ya ce a tsaya.

Yadda ƙwayar ke kaiwa ga kabari ba wani abin ɓoye ba ne, na gan shi a ludayin kunun nan. Haɗiya aiki ne na tsokoki masu yawa da dole su motsa bi da bi cikin ƙiftawar ido. Maganin ya sandarar da su, ya kuma sa maye, sai kunu ya bi hanyar iska ya sauka huhu. Tarin da zai fito da shi ma ya yi rauni. Bayan kwana biyu sai zazzaɓi da numfashi sama-sama. Wani babban bincike da mujallar BMJ ta buga a 2024, a kan masu gigin tsufa sama da 170,000 a Ingila, ya nuna haɗarin ciwon huhu ya fi ninki biyu ga masu shan maganin, kuma haɗurran sun fi tsanani a farkon fara sha. Ta ɓangaren jini kuma, wanda ke barci yini guda ba ya neman ruwa, balle a watan Afrilu na ƙasarmu. Jiki ya bushe, ga zama wuri ɗaya, ga maganin yana sa hawan jini ya faɗi da zarar an miƙe tsaye. Jijiyoyin ƙwaƙwalwar tsoho da ma sun ƙuntace. Ana ganin ta nan ne shanyewar ke shigowa, shi ya sa wanda ya taɓa samunta, ko mai hawan jini da ciwon suga, ya fi kowa zama a bakin rami. Ga jiri da faɗuwa da karayar ƙugu. Ga kuma yadda wasunsu, musamman haloferidol, ke rikita bugun zuciya.

Akwai wani rukuni da ya kamata kowane gida ya san alamarsu. Tsohon da tun farkon ciwonsa yake ganin mutane ko yara ko dabbobi a ɗaki ƙuru-ƙuru, yau ya waye garau gobe ya rikice, tafiyarsa ta yi nauyi kamar mai ciwon karkarwa, yana kai naushi da harbi cikin barci, to mai yiwuwa nau'in da likitoci ke kira na Lewi ne. Kusan rabin irin waɗannan in aka ba su waɗannan magunguna jikinsu yana mummunar amsawa, su sandare, hankali ya gushe, har a rasa su. Kuma su ne aka fi saurin ba wa, don gane-ganen da suke yi ya yi kama da taɓin hankali.

To me ake samu a madadin duk wannan? Kaɗan. A wani gwaji na Amurka da aka buga a 2006, a kan mutum 421 da ke zaune a gida masu cutar Alzaima, wato wani nau'in gigin tsufa, an gwada olanzafin da kwetiyafin da risferidon da ƙwayar wofi, masu binciken suka kammala da cewa illolin sun cinye amfanin. Inda ake ganin ɗan tasiri na gaskiya shi ne kai duka mai tsanani da kuma gane-gane ko zargi mai firgita mai shi. Amma yawo, da neman tafiya gida, da maimaita tambaya sau talatin, da kiran sunan wanda ya mutu, da tuɓe kaya, maganin ba ya taɓa su. In ka ga sun tsaya, to ba warkewa suka yi ba, mai yin su ne aka kayar. Kamfanonin ma sun san abin da suke sayarwa. A 2009 kamfanin Eli Lilly ya biya dala biliyan 1.4 a Amurka saboda tallata olanzafin ga abin da ba a amince da shi ba, har da gigin tsufa, kuma cikin abin da ya fito a shari'ar akwai taken 'yan tallansa na "biyar da ƙarfe biyar": miligiram biyar da ƙarfe biyar na yamma, tsoho ya kwana shiru. A 2013 Johnson & Johnson ya biya dala biliyan 2.2 a shari'ar da risferidon ke tsakiyarta.

Mu koma kan Gwaggo. Washegari muka kai ta asibiti, ta yi kwana shida ana yi mata maganin ciwon huhu, likita ya janye ƙwayoyin biyu yana lura da ita. A nan ne wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa, ta yi tambayar da babu wanda ya yi tun farko. Ta ce wa matar Yaya, "'Yata, yaushe rabon Hajiya da bayan gida mai kyau?" Aka yi shiru ana lissafi. Tun kafin a fara ƙwayar ma sai ta yi kwana biyar shida, abin da ke fita kuma 'yan ƙulalai ne masu tauri. Ta sake tambaya, "A ina kuke kai ta?" Masai ne na tsuguno. "Wanka fa?" A kan kujera 'yar tsuguno. Ta yaye zanin ta nuna mana gwiwoyin Gwaggo, kumburarru, ta ɗan lanƙwasa ɗaya, Gwaggo ta yamutsa fuska ta kai mata hannu.

Ashe abin da ke faruwa ke nan. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, cikinta a cushe, mutum biyu su riƙe ta su danna ta ƙasa ta tsuguna, ta yi yunƙurin da ke yanka ta, ga shi kalmar "zafi" ta ɓace mata a baki. Abin da ya rage mata shi ne haƙori. Mu kuma muka ce ciwon ne ya ci gaba.

Alamar tana nan tun farko, mu ne ba mu karanta ba. Gigin tsufa tafiyar hawainiya yake yi, wata da watanni. In hali ya canza cikin kwanaki, ko kuma rigimar tana zuwa ne a wani lokaci takamaimai, lokacin wanka, lokacin cin abinci, lokacin da aka taɓa wani wuri, to a nemi dalili a jiki kafin a nemi ƙwaya. Bayan gida, fitsarin da ya ƙi fita ko yake zafi, ruɓaɓɓen haƙori, gyambon kwanciya, zazzaɓi, ƙishirwa, sabon maganin da aka fara. A Nowe an gwada wannan tunani a gidajen tsofaffi, aka buga sakamakon a 2011. Mutum 352 ne masu gigin tsufa da rigima. Rabin su aka bi su da maganin ciwo a kai a kai na mako takwas, akasarinsu farasitamol kawai, ko da ba su ce wani wuri na yi musu ciwo ba. Rigimarsu ta ragu da kimanin kashi 17 cikin ɗari, da aka tsayar da maganin kuma ta fara dawowa. Wannan ragi ba ya ƙasa da abin da ake samu daga magungunan taɓin hankali, kuma akasari da farasitamol aka same shi.

Abin da aka sallame mu da shi ke nan: farasitamol a kan lokaci, awon da likita ya yanka daidai da nauyinta don ba ta da jiki, da maganin sassauta bayan gida, da umarnin a riƙa bin ta da ruwa ko ba ta nema ba. Yaya ya sa aka huda kujerar roba mai hannu aka ajiye bokiti a ƙasa. Wanka ya koma da hantsi, da ruwan ɗumi, tana zaune a kujera mai tsayi, da zani a jikinta ana wanke ta ɓangare-ɓangare, mutum ɗaya, ba biyu ba. Cizon bai sake dawowa ba. Ƙullin kayan la'asar kuwa yana nan. Sai dai an daina ce mata "Innarki ai ta rasu", maganar da kullum take jin ta sabuwa ta fashe da kuka. Yanzu jikarta ce ke cewa, "Hajiya, bari a sha shayi tukuna sai in raka ki," su zaga tsakar gida sau biyu, a zuba mata wake a faifai ta tsince. An mayar da sakatar ƙofar gida can sama inda hannunta ba ya kai.

Ban ce kada a taɓa ba da maganin ba, kuma masu cewa haka ba su ga abin da na gani a wasu gidajen ba. Akwai tsohon da har yanzu da ƙarfinsa, ya gaskata cewa matarsa ta shekara hamsin baƙuwa ce da ta shigo kashe shi, ya ɗauki taɓarya. Akwai tsohuwar da ke kwana tana kururuwa don tana ganin macizai a gadonta, an duba jiki kaf ba a ga komai ba. Barin waɗannan cikin firgici ba tausayi ba ne. Akwai ma gwajin da aka buga a 2012 da ya nuna cewa cikin waɗanda risferidon ya yi wa amfani da gaske, kashi 60 cikin ɗari ciwon ya dawo musu da aka cire, a kan kashi 33 na waɗanda suka ci gaba. Ke nan akwai 'yan tsirarun da maganin nasu ne. Rigimata da yadda ake ba da shi ne.

Ƙa'idar da Birtaniya ke bi mai sauƙin fahimta ce, kuma babu abin da ya hana gida a Kano ko Maraɗi ya nemi irin ta. Ba a farawa sai in mutum zai cutar da kansa ko wani, ko yana cikin matsanancin tashin hankali, kuma bayan an nemi dalili an gwada wasu hanyoyin. Risferidon can an yarda da shi ne na mako shida kacal, ana farawa da rubu'in miligiram sau biyu a yini, yawanci rabin miligiram sau biyu ya isa. A sake dubawa aƙalla kowane mako shida, in babu amfani a janye. Ko a Amurka, inda a 2023 aka amince da wani sabo mai suna birekzifirazol don rigimar masu Alzaima, gargaɗin mutuwar nan mai baƙin layi yana nan a jikin takardarsa.

Da ni ce ke zaune gaban likita da tsohuwata, abu uku zan tambaya. Wane hali ne takamaimai muke so ya ragu, don mu san ko maganin ya yi aiki ko kayar da ita kawai ya yi? Ta taɓa samun shanyewar jiki, tana da hawan jini, shin an sa wannan a lissafi? Sannan wace rana za mu dawo a fara ragewa? Ranar tsayawa a rubuta ta tun ranar farawa. Wanda kuma tsohonsa ya riga ya daɗe a kan maganin, kada ya karanta wannan ya je ya zubar da ƙwayoyin yau, a hankali ake ragewa tare da likita. Amma in aka ga ƙwarewa wajen cin abinci, ko barcin da ba a iya tashinsa, ko sandarewa da zazzaɓi, ko baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta lauye, wannan na asibiti ne a ranar, ba na jiran gobe ba.

Haƙƙin jin waɗannan alƙaluma na iyali ne. Da an ce wa Yaya, "Wannan ƙwaya za ta iya sa ta yi shiru, amma tana kusan ninka haɗarin mutuwarta a watannin nan, tana kuma ƙara na shanyewar jiki," na san shi, da ya ce a dakata a sake dubawa. Wani gidan kuma, da tsohonsu mai taɓarya, za su ji su ce sun yarda, kuma ba su yi laifi ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a miƙo ta a ƙullin leda kamar maganin mura.

Gwaggo ta ɗauki kusan wata biyu kafin fuskarta ta saki. Tafiyar da take yi da kanta har ƙofar gida ba ta dawo ba, sai an riƙe ta, domin mako uku na zama da kwanciya sun cinye naman cinyarta, kuma a shekarunta abin da ya tafi ba ya cika dawowa. Matar Yaya har yanzu ba ta samun barcin kirki, sai da muka yi taron dangi aka raba kwana, kowace 'ya da jika ta ɗauki dare ɗaya a mako, ni kuma da nake nesa na ɗauki albashin yarinyar da ke taya ta da rana. Zuwana na ƙarshe na tarar da Gwaggo da faifanta a cinya. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke 'yar wace ce? Kin yi kama da mutanen gidanmu." Sannan ta jawo ni kusa ta raɗa mini cewa in yi hankali da matar can mai shara, ita ce ta ɗauke mata kuɗi.